Littafin Godiya: Ka Bar Dogon Jeri, Ka Rubuta Lokaci Guda

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin godiya ya san yadda yake mutuwa. Mutum ya ji an ce rubuta alherin da ya same shi yana sanyaya zuciya, sai ya sayi littafin rubutu, daren farko ya jera lafiya, iyali, abinci, aikin yi da zaman lafiya. Ya rufe littafin yana jin daɗi a ransa. Dare na biyu ya sake jera su, wataƙila ya sauya musu wuri ya sa iyali a gaba. Kafin mako biyu hannu ne kawai yake rubutu, hankali yana can wajen kuɗin makarantar yara. Daga nan sai a fara tsallake dare, a tsallake mako, har littafin ya koma wurin rubuta lissafin cefane da lambobin waya.

Wanda hakan ta faru da shi yakan ɗora wa kansa laifi, ya ce shi ne ba shi da naci, ko kuwa godiyar Allah ce ta yi masa ƙaranci. Ni dai ban ga laifinsa ba. Abubuwan da ya jera gaskiya ne, manyan ni'imomi ne kuwa. Matsalar tana cikin yadda aka rubuta su. Lafiya da iyali da abinci jiya suna nan, yau ma suna nan, saboda haka babu abin da zai sa jerin yau ya bambanta da na jiya. Gyaran shi ne a ajiye jerin, a ɗauki abu guda tak da ya faru a wani wuri sananne cikin 'yan mintoci, a rubuta shi dalla-dalla kamar ana ba wanda ba ya wurin labari.

Abin da masu bincike suka gani

Godiya ba baƙuwa ba ce a wurin kowace al'umma. Abin da yake sabo shi ne auna tasirin ajiye mata littafi, kuma wannan daga jami'o'in Amurka ya fito. A shekarar 2003 Robert Emmons na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis da Michael McCullough na Jami'ar Miami suka fitar da sakamakon gwajin da har yau ake kafa hujja da shi. Sun raba ɗalibai kusan 200 gida uku. Kashi na farko suna rubuta abubuwa har 5 da suke godiya a kansu, na biyu suna rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai, na uku kuma suna rubuta abubuwan da suka faru da su kawai, masu daɗi ko marasa daɗi. Bayan mako 10, masu rubuta godiya sun fi sauran gamsuwa da rayuwarsu, sun fi kyautata zato ga mako mai zuwa, kuma ƙorafinsu na ciwon jiki ya fi ƙaranci.

Akwai abin da masu yaɗa wannan labari suke yawan tsallakewa. A wancan gwaji na mako 10, sau ɗaya a mako ɗaliban suke rubutu, ba kowane dare ba. Sonja Lyubomirsky ta Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside da abokan aikinta sun gwada wannan batu kai tsaye, suka ba da rahotonsa a 2005. Wasu ɗalibai suna lissafa ni'imominsu sau ɗaya a mako, wasu sau 3 a mako, har tsawon mako 6. Masu yi sau ɗaya ne kaɗai jin daɗinsu ya ƙaru. Masu yi sau 3 ba su ƙaru da komai ba, kuma bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne abin ya gundure su, ya zame musu aikin gida da ake yi don a sauke nauyi.

A wannan shekarar ta 2005 Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka gwada wani salo daban. Suka ce mutum ya rubuta abubuwa 3 da suka tafi daidai a wannan yini, kowane dare har mako guda, kuma a ƙarƙashin kowanne ya faɗi dalilin da ya sa ya faru. An ga amfanin wannan har bayan wata 6, musamman ga waɗanda suka ci gaba da yi don kansu. A ganina ƙarfin wannan salon yana cikin sharaɗi biyun nan, wato abin ya kasance na yau, kuma a faɗi sanadinsa. Wanda zai cika su ba zai iya rubuta "iyali" ya wuce ba, dole ya faɗi wa ya yi me. Shi kansa Emmons shawarar da yake bayarwa ita ce zurfafa bayani a kan abu ɗaya ya fi taɓa abubuwa da yawa sama-sama.

Dalili biyu ne suke kashe jeri. Na farko sabo. Wanda ya shiga ɗakin da aka turara da turaren wuta yakan ji ƙamshin ya cika masa hanci, amma bayan ɗan lokaci ba ya ƙara jin komai, alhali turaren yana nan yana ci. Haka zuciya take da duk abin da ba ya sauyawa. Tana lura da sabon abu, tana kawar da kai daga wanda ya zauna, ko da shi ne mafi daraja.

Dalili na biyu ya shafi yadda muke tuna abin da ya wuce. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Birtaniya, Mark Williams, tun 1986 ya fara nazarin bambanci tsakanin tunawa a dunƙule da tunawa a keɓe. Akan ba mutum kalma, kamar farin ciki, a ce ya tuno wani lokaci da ta dace da shi. Wani zai ce, "Ina jin daɗi duk lokacin da muka je gida." Wani kuma zai ce, "Ranar da na sauka a tasha na hango ƙanena yana ɗaga min hannu." Amsa ta biyu ce ake kira keɓaɓɓiya, kuma ma'auninta a fili yake: abu ne da ya faru a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, bai wuce yini guda ba. Binciken ya nuna cewa masu fama da ciwon damuwa sukan maƙale a irin amsa ta farko, ya yi musu wuya su sauko zuwa ta biyu. Ba a kan littafin godiya aka yi wannan aiki ba, amma ma'aunin da ya bayar shi ne ainihin abin da mai littafin yake bukata. Kalmar "iyali" ba ta da fuska, ba ta da murya. Ƙanen da ke ɗaga hannu a tasha kuwa, da zarar an rubuta shi sai a sake ganinsa, kuma wani abu na daɗin wannan ranar ya dawo.

Na san mai karatu zai iya cewa, ashe ba raina ni'ima ba ne mutum ya bar lafiya da imani ya zauna yana rubutu a kan ƙaramin abu? Godiya a dunƙule tana da wurinta, kuma babu mai taɓa ta. Tana cikin addu'ar Musulmi da ta Kirista, tana cikin amsar gaisuwarmu ta safe da yamma. Littafin wani aiki yake yi daban. Shi yana nuna wa mutum ta wace ƙofa ni'imar ta shigo masa a wannan makon, da hannun wa aka aiko ta.

Yadda ake yi, daga farko har ƙarshe

Mu ƙaddara wata malamar firamare ce a Zariya, mai 'ya'ya uku. Ta daɗe tana rubuta jerin nan na kullum har ya ishe ta. Yau Lahadi da dare, cikin damina, ta idar da sallar isha'i, yara sun kwanta, ta ɗauko littafin.

Kuskuren farko da za ta kauce masa yana cikin tambayar da za ta yi wa kanta. Idan ta ce, "Me nake godiya a kansa?" amsar da ta saba ce za ta fito, domin ita ce a bakin ƙofa. Gara ta bi yinin da baya-baya, daga isha'i zuwa magariba, zuwa la'asar, har safiya, tana tambaya, a ina na ji wani nauyi ya sauka daga kaina? A ina na yi dariya ban shirya ba? Wa ya yi min abin da ba dole ne ya yi ba? Da ta iso la'asar sai ta tsaya. Ta tuna da safe ta wanke kayan makarantar yara ta shanya, ta tafi ta'aziyya Tudun Wada, hadari ya haɗu, ruwa ya tsare ta a can. Tana dawowa ta tarar maƙwabciyarta ta kwashe shanyar.

Hannunta ya rubuta: "Na gode wa Allah da Ya ba ni maƙwabta nagari." Jimla ce mai kyau, amma tsohon jerin ne ya dawo da wata riga. Za ta iya rubuta ta bara, za ta iya rubuta ta baɗi, kuma mutum dubu za su iya kwafe ta kowa ya ce tasa ce. Sai ta ja mata layi ta sake: "Yau maƙwabciyata ta kwashe min shanya da ruwa ya sauko." Wannan ta fi, domin akwai rana, akwai mutum, akwai aiki. Sai dai labari ne a taƙaice, irin wanda za a karanta bayan wata uku a ce, to, haka aka yi, a wuce. Abin da ya rage shi ne ta koma cikin lokacin da kanta. Ta fara da sa'a da wuri, ta faɗi abin da idonta ya gani da abin da kunnenta ya ji, ta kawo maganar da aka yi yadda aka yi ta, sannan ta duba abin da alherin ya ci wa mai yin sa. Ga abin da ya fito:

"Lahadi, wajen ƙarfe biyar na yamma, a tsakar gida. Tun a cikin adaidaita sahu nake tunanin kayan makarantar yara, na riga na sallama cewa sun jiƙe sharkaf. Ina shigowa na ga igiya wayam, gabana ya faɗi, na ɗauka iska ta watsar da su cikin taɓo. Sai na hango baho a ƙarƙashin rumfa an rufe shi da buhu an ɗora dutse. Na buɗe, ga kayan nan a ninke, a bushe, har da safar auta. Na leƙa ta katanga na ce, 'Yaya, ke ce da wannan aiki?' Ta ce, 'Haba Malama, ai yi wa kai ne.' A lokacin na ga nata wankin yana kan igiya yana ɗiga, ga goyo a bayanta. Nawa ta fara kwashewa."

Duka-duka jimloli tara ne ko goma, kuma minti goma ya isa a rubuta su. A lura babu kalmar godiya ko ɗaya a ciki, amma babu wanda zai karanta bai ji ta ba. Jimlar ƙarshe ita ce ta fi kowace nauyi, kuma ba za ta taɓa fitowa daga jeri ba. Malamar ta ga wankin maƙwabciyarta yana ɗiga tun da yamma, amma ba ta haɗa shi da nata kayan ba sai da ta zauna tana tambayar kanta me wannan alheri ya ci wa mai shi. Wannan tambayar na fi so mai karatu ya riƙe. Wani lokacinsa ya bayar, wani barcinsa, wani kuɗin motarsa, wani kuma ya danne gajiyarsa ne ya saurare ka. Muddin ba a ga abin da aka kashe ba, kyautar takan zama kamar ta faɗo ne daga sama, a manta da hannun da ya miƙo ta.

Akwai mataki ɗaya da za ta iya ƙarawa, wato ta cire abin daga yinin ta ga yadda zai kasance. Minkyung Koo da Sara Algoe da Timothy Wilson da Daniel Gilbert sun gwada wannan, suka fitar da sakamakon a 2008. Sun sa wasu mutane su rubuta yadda suka haɗu da abokin zamansu, wasu kuma su rubuta yadda zai yiwu a ce ba su taɓa haɗuwa ba. Kashi na biyu ne suka fi nuna ƙarin gamsuwa da zaman nasu, ko da yake mutanen da aka ce su yi hasashe sun zaci akasin haka. Tunanin rashin abu yana mayar da shi sabo a ido, ya karya sabon da ya lulluɓe shi. Malamar sai ta ƙara layi biyu: "Da ba ta shigo ba, da yanzu ina tsugune ina hura gawayi a dutsen guga, ga shi babu wuta, kuma ƙarfe bakwai zan bar gida. Ga ni kuwa zaune a kan tabarma ina rubutu."

Layi biyu sun wadatar a nan, kuma a kan ƙananan abubuwa aka fi samun amfaninsa. Ban ba mai yawan fargaba shawarar ya zauna cikin dare yana zana yadda zai rasa ɗansa ko matarsa ba. Wannan ba godiya zai haifar masa ba, ido biyu zai kwana.

Inda ake zamewa

Zamewar da ta fi yawa ita ce a fara da labari a ƙare da wa'azi. Mutum ya rubuta jimla biyu a kan abin da ya faru, sai ya shiga bayanin muhimmancin maƙwabtaka da yadda zamani ya lalace. Alamarta a bayyane take. Da zarar kalmomi irin su "kullum", "ko da yaushe", "ya kamata" da "mutanen yanzu" sun fara fitowa, an bar tsakar gidan an hau mumbari. Lyubomirsky da abokan aikinta sun gano a 2006 cewa waɗanda aka sa su rubuta suna feɗe lokacin da suka fi farin ciki a rayuwarsu, suna neman ma'anarsa, ba su amfana kamar waɗanda suka sake rayuwa a cikinsa a zuci kawai ba. Feɗewa tana da amfani ga abin baƙin ciki, domin tana sa a fahimce shi a ajiye. Abin daɗi kuwa sake kallonsa ake yi. Saboda haka idan za a faɗi sanadi, a faɗe shi da jimla ɗaya, wane ne ya yi, me ya sa, a koma ga baho da buhu da dutse.

Wata zamewar ita ce jiran babban abu. Mai jiran ƙarin girma a wurin aiki ko haihuwa ko sayen fili kafin ya rubuta, littafinsa shafi huɗu zai samu a shekara. Abin da ake nema ƙarami ne da ya taɓa zuciya da gaske: mai shago da ya biyo ka da canjin da ka manta, ɗalibin da ya daɗe yana kokawa da raba dogon lissafi yau ya kawo shi daidai, tsohuwar da ta kira a waya don kawai ta ji muryar jikanta. Idan kuma mutum ɗaya ne yake ta fitowa, miji ko uwa ko aboki, babu laifi ko kaɗan. Ba a hana maimaita mutum ba, maimaita jimla aka hana. Uwa guda za ta iya cika littafi ba tare da shafi biyu sun yi kama ba, in dai kowane shafi ranarsa daban, abin da ta yi daban.

Sai kuma kwatanta kai da na ƙasa. "Na ci na ƙoshi, wasu ko na yau ba su samu ba." Gaskiya ne, kuma tuna hakan yana sa a yi sadaka. Amma idan shi ne abin da ke cika littafin kowane mako, hankali ya bar abin da aka samu ya koma kan wahalar wasu, sai a rufe shafin da tausayi ko jin kunya, ba a kuma ga wanda ya dafa abincin ba.

Akwai wata da ta fi waɗannan wuyar ganewa, wato alheri ya rikiɗe ya zama bashi. A al'ummar da biki da gudummawa suke da lissafi, mutum yana iya rubuta abin da aka yi masa sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, yana tunanin da me zai rama. Idan haka ta faru, a rubuta nauyin ma da gaskiya, kada a ɓoye shi. Sannan a wasu makonni a zaɓi abin da babu wanda za a rama wa, kamar iskar da ta biyo bayan ruwan farko bayan zafin bazara, ko barcin da aka samu bayan kwana biyu ana fama da ciwon haƙori.

Gwaji mafi sauƙi ga kowane shafi shi ne a rufe kwanan watan da yatsa a karanta. Idan za a iya gane ranar daga abin da aka rubuta, ya yi. Idan zai dace da kowace rana ta shekara, a sake.

Sau nawa, da me, a ina

Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, a rana tsayayya da mutum ya san yana samun natsuwa. Wahalar ita ce abin da ya faru ranar Talata yakan dushe kafin Lahadi, a tuna an yi amma a manta maganar da aka faɗa. Maganin wannan shi ne a ajiye kalma biyu ko uku a lokacin da abin ya faru, a bayan littafi ko a waya, kamar "baho, buhu, goyo". Ranar rubutu su za su buɗe sauran.

A rubuta da harshen da aka yi maganar. In da Hausa aka yi, da Hausa za a rubuta, da boko ko da ajami, ba ruwan kowa da kyan rubutu ko ƙa'idarsa. Wanda rubutu yake yi wa wuya ya ɗauki muryarsa a waya na minti biyu, ya bi tsarin nan dai, yaushe, a ina, wa, me aka ce. A gidan da ake da yawa a nemi wurin ajiya da ba a taɓawa, domin wanda ya san za a karanta masa littafi, don mai karantawa zai riƙa rubutu. Saboda wannan dalili ne ban ga amfanin ɗora shi a shafukan sada zumunta ba. Da an san akwai 'yan kallo sai a fara zaɓen abin da zai burge, baho da buhu kuwa ba sa burge kowa sai mai su.

Ranar da babu daɗi, da iyakar abin

Wani makon ba ya zuwa da komai sai wahala. An yi rashi, ko an kwana asibiti, ko an rasa aiki. A irin wannan mako kada mutum ya tilasta wa kansa rubuta abin da ba ya ji, domin ƙarya ko a takarda tana da ɗaci. Ya halatta a bar shafin fari. In kuwa akwai wani ɗan abu na gaskiya a tsakiyar wahalar, a rubuta shi tare da wahalar, kada a share ta. Mai jinya zai iya rubuta cewa dare ya yi tsawo, jikin Baba bai yi sauƙi ba, amma wajen ƙarfe uku matar da ke jinya a gadon kusa ta miƙo masa ruwan zafi daga fulas ɗinta ba tare da ya roƙa ba. A nan salon lokaci guda ya fi jeri gaskiya. Jeri yana sa mutum ya ce komai lafiya, shi kuwa wannan abu ɗaya kawai yake cewa ya yi daɗi, sauran ya bar su yadda suke.

Dole kuma a faɗi iyakar amfaninsa, domin an yi masa talla fiye da ƙarfinsa. David Cregg da Jennifer Cheavens na Jami'ar Jihar Ohio sun tattara gwaje-gwaje 27 suka duba su tare, sakamakon ya fito a 2020. Sun ga tasirin ayyukan godiya a kan alamomin ciwon damuwa da fargaba kaɗan ne, kuma suka ce masu wannan lalura su nemi maganin da aka tabbatar da ƙarfinsa. Wanda ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace, abin da yake so da can ya fita daga ransa, barci da cin abinci suka rikice, ko ya fara tunanin gara mutuwa, likita yake bukata, kuma ba ƙarancin godiya ne ya jawo masa ba. Ina roƙon 'yan uwan irin wannan mutum kada su miƙa masa littafi su ce ya ƙirga ni'imomin da Allah Ya yi masa. Zai gwada ya kasa, sai ya ƙara wannan a kan laifuffukan da yake ɗora wa kansa.

Haka nan littafin ba mayafin rufe zalunci ba ne. Matar da ake duka, ko ma'aikacin da aka danne wa albashi, za su iya rubuta alherin da wani ya yi musu, amma wannan bai goge haƙƙinsu ba, bai kuma ce su yi shiru ba.

Bayan wata biyu ko uku, a koma farkon littafin a karanta. Jerin da aka saba yi ba ya karantuwa, domin shafi ɗaya ne aka maimaita. Waɗannan kuwa kowanne rana ce da za a iya komawa cikinta, kuma a nan ne mutum yake ganin abin da bai lura da shi ba, cewa akwai sunan da yake ta dawowa, sau da yawa ma ba wanda ya zata ba ne. Wannan mutumin ya cancanci ya ji da kunnensa, yaba kyauta tukwici. A gwajin Seligman na 2005 akwai waɗanda aka sa su rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya taɓa yi musu alheri ba su gode masa yadda ya dace ba, su kai masa da kansu. A cikin duk abubuwan da aka gwada, wannan ne ya fi ɗaga farin cikin masu yi nan take, sai dai tasirin ya yi kamar wata guda ne, kafin wata 3 ya koma yadda yake. Saboda haka ziyarar ba ta maye gurbin littafin, lokaci-lokaci ake yin ta. Wanda zai je kuma ya tafi da shafin a ransa, kada ya tsaya a "na gode da ɗawainiya", ya faɗi ranar, ya faɗi abin da aka yi, ya faɗi abin da ya lura ya ci wa mai yin.